Inda ake sa wuƙa a doguwar jimlar Girkanci

"Malam, barka da aiki. Ina cikin masu shirya Bisharar Markus da Hausa mai sauƙi domin a ɗauka a murya. Na iso 5:25-27, sai na tarar da jimla guda mai fatisiful har bakwai kafin a kai ga ainihin aikatau. In na bar ta da tsawonta, numfashin mai karatu ya ƙare a hanya. In na daddatse ta kuma, sai in ji labarin ya wargaje. Ga Afisawa tana jirana a gaba. A ina zan yanka, kuma yaya zan yi kada dalili da lokaci su zube?"

Barka kadai, ƙanena. Ka ajiye wuƙar tukuna, ka ɗauki fensir. Yankan ba shi da wuya, kuma shi ne aikin ƙarshe. Abin da ke cin lokaci shi ne ka zauna da kowane fatisiful ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye shi abin da ya haɗa shi da babban aikatau, ka rubuta amsar da kalmar Hausa a gefen takarda. Sai ka gama wannan za ka san inda jimlar za ta jure yanka.

Ga abin da ya sa. Girkawa suna kiran fatisiful *metoke*, wato tarayya, domin yana da ƙafa ɗaya a gidan aikatau, ɗaya a gidan sifa. Ƙirarsa tana gaya maka abubuwa da yawa: wa ya yi aikin, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko jam'i, shi ya aikata ko shi aka yi wa, aikin yana ci ne ko an dube shi a dunƙule. Abu guda ne ba ta faɗa, kuma shi ne wanda muka fi bukata. Ba ta gaya maka ko ma'anar "da ta ji" ce, ko "saboda ta ji", ko "ko da yake ta ji", ko "in ta ji". Duk huɗun nan kalma ɗaya ce a Girkanci. Mai karatun zamanin yana cike gurbin da kansa daga yanayin maganar. Wanda ya taɓa karatun nahawun Larabci zai ga kama da abin da ake kira *hali*, inda ake cewa wane ya zo yana dariya, a bar maka ka auna me ya haɗa dariyar da zuwan.

Muddin fatisiful yana rataye a jikin babban aikatau, ratayar ita kanta tana gaya wa mai sauraro cewa wannan ba shi ne kan magana ba, ya jira. Da zarar ka ɗiga masa aya ka mai da shi jimla mai cin gashin kanta, ka kwance ratayar. Kunnen Bahaushe kuwa ba ya barin gurbi. In ya ji jimloli gajeru a jere, zai ɗauka wannan ya faru, sannan wannan, sannan wancan, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa. Abu biyu ke nan ke zuba a lokaci guda: alaƙar da ke tsakanin ayyukan, da kuma sanin wane ne babba wane ne mai rakiya.

Matar nan mai zubar jini, kalma bayan kalma

Bari in jera su da haruffanmu yadda muke furta su a aji. Na farko *usa*, tana cikin zubar jini shekara 12. Na biyu *fatusa*, ta sha wuya mai yawa a hannun masu magani da yawa. Na uku *dafanesasa*, ta kashe duk abin da take da shi. Na huɗu *ofeleteisa*, da kalmar korewa a gabansa, ba ta amfana da kome ba. Na biyar *eltusa*, ta kai ga abin da ya fi muni. Na shida *akusasa*, ta ji labarin Yesu. Na bakwai *eltusa* kuma, ta zo cikin taron ta baya. Sai babban aikatau, *hefsato*, ta taɓa mayafinsa.

Yanzu ka duba abin da ke tsakaninsu, don Markus ya bar maka alamar gaɓa. Biyar ɗin farko a ɗaure suke da juna da mahaɗi: *kai*, *kai*, *kai*, sannan *alla*. Daga na biyar zuwa na shida babu mahaɗi ko ɗaya, haka daga na shida zuwa na bakwai. Ashe ba sarƙa ɗaya ba ce mai zobe bakwai, ƙulli biyu ne. Biyar na farko suna gabatar da matar, su gaya mana wace ce ita da abin da ya same ta cikin shekarun da suka wuce. Biyu na ƙarshe su ne matakan da suka kai hannunta ga mayafin. Mahauci da ya san gaɓa ba ya wahalar da wuƙarsa a kan ƙashi, kuma babbar gaɓar wannan jimla tana tsakanin aya ta 26 da ta 27.

Ka lura kuma da lokaci. *Usa* kaɗai ne ke cikin ƙirar lokaci mai ci, sauran shidan duk aworis ne, wato ƙirar da ke duban aiki a dunƙule. Galibi fatisiful mai ci yana tafiya tare da babban aikatau, aworis kuma ya riga shi. Na ce galibi, don ba doka ce da ba ta karyewa ba, amma a nan ta zauna daidai: wahalar masu magani da ƙarewar dukiya sun wuce, jinin kuwa har a sa'ar da ta miƙa hannu bai tsaya ba. Fassarar da ta ce "ta yi zubar jini shekara 12" tana iya sa mai ji ya zaci abin ya wuce. "Shekararta 12 ke nan tana fama" ya fi riƙe shi a buɗe.

Na taɓa zama wajen gwajin wani daftari na wannan wuri a wata majami'ar ƙauye, bayan an tashi sujada, mata kamar takwas a kan benci biyu a inuwar darbejiya. Daftarin ya daddatse jimlar kamar haka: "Sai wata mace ta yi zubar jini shekara 12. Sai ta sha wahala wurin masu magani. Sai ta kashe dukiyarta duka. Ba ta sami sauƙi ba. Sai ciwon ya ƙaru. Sai ta ji labarin Yesu. Sai ta zo ta taɓa rigarsa." Kowace jimla a nan gaskiya ce, ba a ƙara kome ba. Aka karanta tun daga inda Yayirus, shugaban majami'a, ya faɗi a gaban Yesu yana roƙo saboda 'yarsa. Da aka gama, wata dattijuwa da ke ɓarar gyaɗa a faranti ta ɗago kai ta ce, "To shi uban yarinyar, yana nan tsaye yana jira duk shekarun nan?" Ba wasa take yi ba. An ce mata Yesu ya kama hanya da Yayirus, sai aka ce mata "sai" wata mace ta yi ciwo shekara 12. Abin da Hausar ta faɗa ta ji. Labarin matar yana tsakiyar labarin Yayirus ne, don haka duk "sai" da ka sa a aya ta 25 da ta 26 yana tura agogon tafiyar Yayirus gaba, alhali Markus ya tsayar da agogon ne ya waiwaya baya.

Ga yadda ni zan zuba shi:

"To, akwai wata mace kuwa, shekararta 12 ke nan tana fama da zubar jini. Ta riga ta sha wuya ƙwarai a hannun masu magani iri-iri, har ta ƙarar da duk abin da ta mallaka, amma ko sauƙi ba ta samu ba, ciwon ma gaba ya yi ta yi. Da ta ji labarin Yesu, sai ta shiga cikin taron, ta biyo ta bayansa, ta taɓa mayafinsa."

Jimla uku ke nan a madadin ɗaya, kuma kowace ƙaramar kalma a ciki tana da aikin da aka ɗora mata. "Akwai" da "kuwa" su ne ke tsayar da tafiyar, su ce wa mai sauraro ga sabon mutum, dakata a gabatar maka da shi. Markus bai rubuta "akwai" ba, ya bar matar a rataye har sai ta taɓa, amma Hausa ba ta shigo da baƙo cikin labari haka. Wani abokin aiki ya taɓa ba da shawarar a ce "a cikin taron nan akwai wata mace", yana da daɗin ji, amma muka ƙi, domin ya sa ta cikin taron tun kafin ta ji labari, Markus kuwa sai a na bakwai ya shigar da ita. "Riga" ita ce ta mayar da masu magani da dukiya baya. "Amma" ta tsaya a inda Girkanci ke da *kai*, wanda aka saba fassarawa da "kuma". Ba laifi ba ne, don mutum ya kashe duk abin hannunsa bai warke ba, babu Bahaushen da zai haɗa waɗannan da "kuma". "Har" ita ce na fi yin tunani a kanta, domin tana cewa wahalar ce ta kai ga ƙarewar dukiyar, Markus kuwa ya jera su kawai. Na bar ta saboda ba ta kawo wani abin da labarin bai riga ya nuna ba. Wanda ya cire ta ya ce "ta kuma ƙarar", ba zan yi gardama da shi ba.

*Akusasa* shi ne ƙyauren da labarin ke juyawa a kansa, kuma a nan Hausa ta yi mana alheri. Shin lokaci yake nufi ko dalili? Ta zo bayan ta ji, ko ta zo domin ta ji? Duka biyun. In ka ce "bayan ta ji" ka ɗauki lokaci ka yar da dalili. In ka ce "saboda ta ji" ka ɗauki dalili, amma ka sa maganar ta yi nauyin bayani a inda ya kamata ta yi gudu. "Da ta ji, sai ta" yana ɗauke da duka biyun kamar yadda Girkancin ya ɗauka. Sai dai kada ka bar "da" ba tare da "sai" ɗinsa ba. A rubuce "da" guda ce, a baki kuwa tana iya zama "dā" ta zamanin baya, ko "da" ta abin da bai faru ba, irin "da ta ji, da ta zo". Wannan "sai" ɗin shi ke rufe waɗancan ƙofofin. Ka ga ke nan "sai" ɗaya tal ya rage a cikin sakin, kuma ya faɗo daidai inda labarin ya koma tafiya.

Abin da rubutun boko ke ɓoyewa

Tun da a murya za ku ɗauka, wannan ya shafe ka fiye da kowa. Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Akwai na "sun tafi", wanda ke ba da rahoton abin da ya riga ya kammala, akwai na "suka tafi", wanda ke jan zaren labari gaba. Wannan bambanci shi ne mafi kusa da abin da Girkanci ke yi tsakanin fatisiful na shimfiɗa da babban aikatau. A jam'i kowa yana ganinsa: sun da suka, mun da muka, an da aka. Amma in mutum ɗaya ne, namiji ko mace, rubutunmu ya haɗe su. "Ta sha" mai dogon wasali da "ta sha" mai gajeren wasali haruffa ɗaya ne a takarda. Mai fassara yana rubutawa yana jin dogon a kansa, mai karatu ya zo ya karanta gajeren, shimfiɗa ta koma labari ba wanda ya sani.

Dabarar da nake amfani da ita ita ce in mayar da sakin jam'i a kan wata takardar daban. A ce mata ne da yawa: "Sun riga sun sha wuya, har sun ƙarar da abin da suka mallaka, amma ko sauƙi ba su samu ba. Da suka ji labarin Yesu, sai suka shiga cikin taron, suka biyo ta bayansa, suka taɓa mayafinsa." Nan take gaɓar ta fito fili, "sun" a sama, "suka" a ƙasa, a daidai inda mahaɗan Markus suka ƙare. In ka yi wannan gwajin ka ga bakinka yana so ya ce "suka sha wuya, suka ƙarar", ka san daftarinka ya mayar da shimfiɗa labari. Bayan haka ka koma kan takardar mai karatu ka ja layi a kan kowane "ta" mai dogon wasali. Kada kuma ka dogara da wasalin kaɗai, ka sa kalmar da ido zai gani, irin su "riga" ko "dā ma".

Akwai hasarar da duk wannan bai hana ba, gara ka san da ita. A Girkanci mai sauraro yana riƙe da numfashi tun daga "wata mace", wahala tana hawa kan wahala, ba a sauke shi ba sai a kan "ta taɓa". Da ka yanka uku, an ba shi wurin hutawa sau biyu. Abin da za ka iya yi shi ne ka bar jimla ta biyu ta yi ɗan tsawo don nauyin ya taru, ka kuma tabbata "ta taɓa mayafinsa" ita ce ta zo ƙarshe, ba wani abin da ya biyo ta a jimlar. Aya ta 28, inda aka faɗi abin da take ta cewa, ta fara da nata "don kuwa", kada a manna ta a wutsiyar taɓawar.

Ba kowane fatisiful ne kuma ke neman a fito masa da mahaɗi ba. Mai sabon hannu in ya gane wannan darasi yakan wuce gona da iri, ya cika shafi da "bayan da" da "saboda". A Matiyu 2:13 mala'ika ya ce wa Yusufu, kalma da kalma, "tasowa, ɗauki yaron". Ba "bayan ka tashi" ba ne, "tashi ka ɗauki yaron" ne kawai. Fatisiful aworis da ya zo gab da umarni yakan ari ƙarfin umarnin, Hausa kuwa ta iya jera aikatau haka tun fil azal. Shi ya sa Matiyu 28:19 "ku je ku almajirtar" ne. Na bakwai ɗin Markus ma irinsa ne, "ta shiga, ta biyo, ta taɓa", ba ya son kome a tsakani.

Afisawa, inda igiyar ke bayan babban aikatau

A labari fatisiful yakan zo gaba, babban aikatau ya biyo. A wasiƙa sau da yawa akasin haka ne, a faɗi babban aikatau, sannan a yi ta rataya masa. Kowa yana tsoron 1:3-14, wadda a Girkanci jimla ɗaya ce mai kalma wajen 200, amma wadda na fi so ka yi wa shiri ita ce 5:18-21, don a can yankan da bai dace ba yana canza abin da za a yi wa'azi a kai.

Umarni biyu ne a aya ta 18: kada ku bugu da ruwan inabi, ku cika da Ruhu. Daga nan fatisiful biyar suka biyo, duk a lokaci mai ci: yin magana da juna da zabura da waƙoƙi, rairawa, yin yabo da zuciya ga Ubangiji, yin godiya kullum saboda kome, da yi wa juna biyayya cikin tsoron Almasihu. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da kowanne umarni: ku yi magana, ku raira, ku yi yabo, ku yi godiya, ku yi biyayya. Hausar za ta fita sumul. Amma wanda ya ji zai ƙirga dokoki bakwai a jere, cikar Ruhu ta zama ɗaya daga cikinsu, alhali ita ce uwar da biyar ɗin ke tsotso a jikinta.

To wace alaƙa ce? Nan masana suka rabu. Waɗansu sun ce hanya ce, wato ta wurin waƙa da godiya ake cika. Waɗansu sun ce sakamako ne, wanda ya cika haka rayuwarsa ke fitowa. Ƙirar kalmar ba ta raba wannan gardama, don duka biyun sukan zo da fatisiful mai ci a bayan babban aikatau. Ni na fi karkata ga sakamako, saboda an gwama cikar da buguwa, buguwa kuwa a baki da tafiya ake gane ta. Amma karkatata ba ta isa in rufe wa mai karatu ɗaya ƙofar ba. In na rubuta "ta wurin yin magana da juna" na zaɓar masa. In na rubuta "har ku riƙa magana da juna" na zaɓar masa. "Kuna" ita ce ba ta zaɓa: ku cika da Ruhu, kuna magana da juna, kuna rairawa. Ƙa'idar da nake bi ke nan. Inda yanayin maganar ya nuna alaƙa ɗaya a fili, in faɗe ta da baki. Inda masu ilimi na gaskiya suka rabu, in nemi ginin Hausa mai faɗin da ya kai na Girkancin, in kuma babu shi, in zaɓi ɗaya in sa ɗayan a bayanin ƙasan shafi.

Matsalar "kuna" ita ce ba ta tsayuwa ita kaɗai bayan an ɗiga aya, kuma biyar a jere da dukan kayansu sun fi ƙarfin numfashi ɗaya. Maganin shi ne in ka yanka, ka sake ɗauko uwar ka dasa a farkon sabuwar jimlar:

"Kada ku bugu da ruwan inabi, don hanyar lalacewa ce. A maimakon haka ku cika da Ruhu, kuna magana da juna da zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu, kuna rairawa kuna yabon Ubangiji da zuciyarku. I, ku cika da Ruhu, kuna gode wa Allah Uba kullum saboda kome cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kuna kuma yi wa juna biyayya cikin tsoron Almasihu."

Za a ce maka ka ƙara kalmomin da babu su a asali. Ka amsa cewa a asali kowane fatisiful yana ɗauke da alamar jam'i da ke mayar da shi ga masu cikar, wannan alamar ce ka fassara. Maimaici irin wannan ba baƙo ba ne a bakinmu, duk mai ba da labari da dare yana yinsa in zare ya yi tsawo.

Aya ta 21 tana da wata wahalar ta daban. A waɗansu daga cikin tsofaffin kwafe-kwafen hannu mafi daɗewa, aya ta 22 ba ta da aikatau sam, cewa kawai ta yi "mata, ga mazajenku, kamar ga Ubangiji", tana aron biyayyar daga aya ta 21. Kwafe-kwafe da yawa na baya suna da aikatau a wurin. Ke nan fatisiful na biyar yana riƙe da aya ta 18 da hannu ɗaya, yana riƙe da ta 22 da ɗayan. Akwai masu ɗaukarsa a matsayin umarni mai zaman kansa da ke buɗe sabon sashe, suna da hujja kuwa, don a Romawa 12 fatisiful yana yin wannan aikin. Abin da nake roƙonka shi ne ka lura da inda za ku sa kan magana, wato taken sabon sashe. In kun sa shi tsakanin 21 da 22, maganar mata da maza ta rabu da "juna". In kun sa shi tsakanin 20 da 21, biyayyar ta rabu da cikar Ruhu. A faifan murya abin ya fi tsanani, don mai karatu zai tsaya, wataƙila a sa ɗan kiɗa, sannan a ci gaba. Ni nakan nemi a bar wurin ba kan magana, a fara 22 da abin da zai waiwaya, kamar "Ku matan aure, ku yi wannan biyayya ga mazajenku". Kada lambar aya ta tsorata ka a nan. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robat Istifanus, ya sa su, tsofaffin kwafe-kwafen kuwa ko tazara tsakanin kalmomi ba su da ita. Waƙafi da ɗigon da kake gani a bugun Girkancinka ma hukuncin masu tace bugun ne, abin girmamawa, amma ba daga alƙalamin marubucin suka fito ba.

Wa ya yi, da yadda za ka gwada

Abu na ƙarshe da ke zuba wajen yanka shi ne mai aikin. Matar nan ta sauƙaƙa maka, ita kaɗai ce "ta" a wurin. Amma ka sauka zuwa aya ta 35, inda fatisiful ya zo da nasa mai aikin daban da na babban aikatau: shi yana magana, waɗansu suka zo daga gidan shugaban majami'a. "Yana cikin magana sai ga waɗansu" ya kama lokacin daram. Sai dai a wannan sashe maza biyu ne a tsaye, Yesu da Yayirus, in kuma faifan ya fara daga nan, "yana" ba ta da ubangida. Ka sa sunan: "Yesu yana cikin magana". Duk inda ka buɗe sabuwar jimla, ka tambayi kanka ko "ya" ɗin farko zai iya komawa ga mutum biyu.

Wajen gwaji kada ka tambayi mutane ko sun gane, kowa zai ce ya gane don kunya da ladabi. Ka karanta sau biyu, ka rufe takarda, ka yi tambayar da sai wanda igiyar ta isa kunnensa zai amsa. Yaushe matar ta je wurin masu magani, kafin ranar nan ko a ranar? Da ta taɓa mayafin, jinin ya riga ya tsaya ko yana zuba? Me ya kawo ta cikin taron? A Afisawa kuma, waƙar da godiyar daga ina suke fitowa? In mutum uku cikin biyar suka ba da amsar da ba ita ba, laifin daftarin ne. Ka nemi waɗanda ba su haddace labarin ba, don wanda ya tashi a cikinsa zai amsa maka daga abin da ya sani tun yana yaro, ko me takardarka ta ce. Fassarorin Hausa da suka riga naka kuwa ka buɗe su bayan ka gama naka daftarin, don in ka fara da su kunnenka zai bi sawunsu.

Kafin ka wuce babi na 5, ka gwada hannunka a aya ta 33. Fatisiful uku ne kafin "ta zo": ta tsorata, tana rawar jiki, ta san abin da ya faru da ita. Biyun farko *kai* ya haɗa su, na ukun yana tsaye ba mahaɗi, kamar yadda *akusasa* ya tsaya. Ka tambaye shi ko dalilin tsoron yake bayarwa ko dalilin zuwan, ka rubuta Hausar kowanne, ka mayar da su jam'i ka ji inda "sun" ya koma "suka". In ka yi, ka aiko mini da duka biyun mu duba tare.